Ɗanlami, Garba, Abubakar: wanne ne sunan mahaifina?

Tambaya: Malam, a Makka aka haife ni. Mahaifina ya rasu bara. A gida Ɗanlami ake ce masa, abokansa na unguwar Shara Mansur suna ce masa Garba Mai Shayi, ikamarsa kuma, wato katin izinin zamansa a Saudiyya, Abubakar ke jiki. Takardar gidan da ya saya a Kano tana ɗauke da Garba Mai Shayi, yanzu ana ta ja-in-ja wurin gado. Ga shi na haihu an yi masa takwara, muna kiran yaron Abba, maigidana yana son a rubuta Abba a takardar haihuwa. Wanne ne suna, wanne ne laƙabi?

Amsa:

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa can ta fi masa nan, ya raya takwaransa bisa tafarkin Manzon Allah (SAW).

Sunan mahaifinki Abubakar. Shi ne wanda aka yanka masa rago da shi, shi ya sa muke cewa sunan yanka. Sauran ukun, Ɗanlami da Garba da Mai Shayi, laƙabai ne, amma ba iri ɗaya ba ne, kuma ba mutum ɗaya ya sa masa su ba. Idan kika gane inda kowanne ya fito, za ki ga rigimar gadon ba ta kai yadda take a ido ba, kuma za ki san abin da ya dace a rubuta wa jaririnki.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa bambancin na lokaci ne, wato sunan yanka shi ke fara zuwa, laƙabi ya biyo baya idan mutum ya girma. A gidan Bahaushe sau da yawa akasin haka ake yi. Jariri yakan yi mako guda ba a bayyana sunansa ba, ko da uban ya riga ya yi masa huɗuba a kunne. A wannan makon gida cike yake da mata, masu barka suna shiga suna fita, ana dama kunun kanwa, kuma dole a kira jaririn da wani abu. Sai wata tsohuwa ta ɗaga shi ta ce, "A'a, Ɗanlami ne ashe," domin ranar Alhamis ya faɗo. Kafin ranar suna ta zo laƙabin ya riga ya zauna a bakin mata. Don haka ina da yaƙinin Ɗanlami ya girmi Abubakar a kunnen mutanen gidanku da kwana bakwai. Haka Ladi da Ɗanladi na Lahadi suke, da Talatu, da Balarabe da Larai na Laraba, da Jummai da Ɗanjuma, da Asabe da Ɗan'asabe.

Abin da ya raba su shi ne wanda ya sa da kuma yadda aka sa. Sunan yanka haƙƙin uba ne. Ana sa shi sau ɗaya, a gaban jama'a, da sassafe, liman ya yi addu'a, a raba goro, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa kowa, wanzami ya yi aski. Akwai shaidu, akwai jini da aka zubar. Kuma ana sa shi ne tun yaron bai yi komai a duniya ba, shi ya sa sunan yanka fata ne da addu'a: Allah ya sa ya yi halin mai sunan. Laƙabi kuwa kowa na iya sa shi, kaka ko goggo ko abokin wasa ko mai sayen shayi, ba taro ba rago. Ba addu'a yake yi ba, labari yake bayarwa: wace rana aka haife ka, bayan wa ka zo, mece ce sana'arka, yaya tsayinka. Idan mutane sun karɓa ya zauna, idan ba su karɓa ba ya bi iska.

Tun da a nan kika tashi, wataƙila kin lura da ɗan saɓanin da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu Larabawa kan ranar sunan kanta. Mu idan an haihu Alhamis da rana, Alhamis mai zagayowa muke suna, domin a mazhabar Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa idan alfijir ya riga ya keto. Malaman nan da yawa suna ƙirga ta, sai bakwai ɗinsu ta faɗa Laraba. Mu rago ɗaya muke yankawa ko namiji ko mace, su biyu suke yanka wa namiji. Kowanne yana da madogara, kada ki bari wani ya ce miki sunan da aka yi a gidanku bai yi ba.

To, Garba fa? Wannan wani iri ne daban, kuma shi ne zai fi yi muku amfani wurin gado. Garba ba ya ba da labarin mahaifinki shi kaɗai, laƙabi ne da ke manne da sunan Abubakar. Duk Bahaushen da ya ji Garba ya san Abubakar ake nufi, kamar yadda Shehu yake bin Usman, Sanda yake bin Umaru, Maitama yake bin Yusuf, Iro yake bin Ibrahim. A wajen mata Binta Fatima ce, Indo A'isha ce, Kulu Hauwa'u ce, Dije Hadiza ce, Abu kuma Zainab ce. Dubi marigayi Yusuf Maitama Sule: Yusuf na yanka, Maitama laƙabin da ke bin Yusuf, sannan daga baya sarautar Ɗanmasanin Kano ta zo ta hau kai, har wasu ba su san shi da komai ba sai Ɗanmasani. Shugaba Shehu Shagari ma Usman ne, Shehun laƙabi ne, Shagari kuma garinsu.

Me ya sa muke buƙatar irin waɗannan? Kunya. Mu mutane ne masu yin takwara, kuma wanda ake yi wa takwara kusan kullum babba ne: uba, uwa, suruki, malami. Da zarar an sa wa jariri sunan surukin mace, bakinta ya rufe, ba za ta iya tsayawa a tsakar gida ta ƙwala kiran sunan surukinta ba, balle ta haɗa da tsawa in yaron ya yi ɓarna. Dole a nemo mayafin da za a lulluɓe sunan da shi. Daga nan Abba ya fito, da Baba, da Babangida, da Baffa, da Ummi, da Inna, da Mama, da Uwani. Abban da kuke kiran ɗanki da shi yana cewa ne, wannan yaron sunan mahaifinmu gare shi, ba ma iya faɗa. Ina ma zaton Garban mahaifinki haka ya samo asali, akwai wani Abubakar babba a gidan da ake jin nauyinsa. Ki tambaya, za ki iya samun kakan kakanki a nan.

A nan ne al'adarmu da ta Larabawa suka yi hannun riga, kuma na ga abin yana rikita yaranmu da aka haifa a ƙasar nan. Balarabe idan zai girmama ki, da sunan ɗanki na fari zai kira ki: Ummu wane, Abu wane. Wannan ita ce alkunyarsu, kuma tana da asali mai ƙarfi. Nana A'isha ba ta haihu ba, amma an yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan 'yar'uwarta Asma'u, Abdullahi ɗan Zubairu. Annabi (SAW) da kansa ya kira Sayyidina Ali da Abu Turab ranar da ya same shi kwance ƙasa ta taɓa jikinsa, kuma babu sunan da Ali ya fi so kamar wannan. Mu kuwa ɗan fari shi ne wanda uwa ba ta ko faɗin sunansa. Sai ki ga maƙwabciya ta leƙo ta ce "Ya Ummu Abubakar," da zuciya ɗaya, ta bankaɗo ainihin sunan da gidan gaba ɗaya ke rufewa. Ita girmamawa take yi, mu ma da muke ɓoyewa girmamawa muke yi. Ki amsa mata da sakin fuska, a cikin gida kuma ki ci gaba da Abbanki. Wani abin lura ma, sunan Abubakar ɗin shi kansa asalinsa alkunya ne. Sunan yankan Sayyidina Abubakar Abdullahi ne, Siddiƙu kuma laƙabinsa. Mu ne muka ɗauki alkunyar muka mayar da ita sunan yanka saboda son mai ita.

Wannan ya nuna miki iyakar da ke tsakanin suna da laƙabi tana motsi. A da, idan gida ya cika da Muhammadu, sai a bambanta su da lissafin Larabci: Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar. Bello da Nasiru da Kabiru ma bayan Muhammadu suke zuwa. Yau uba yana iya yanka rago ya ce sunan ɗansa Sani kawai, kuma ya zama sunan yankansa, ko da shi ne na fari. Saboda haka ba a gane sunan yanka da jin kalmar kawai. Tambayar da ake yi ita ce: me aka faɗa ranar suna? Wanda zai ba ki amsa shi ne wanda ya ci goron, ba wanda ya san mutum a kasuwa ba.

Mai Shayi shi ne na ƙarshe a zuwa, kuma shi kaɗai ne mahaifinki ya samo da guminsa. Ranar da ya fara kafa tebur ya ɗora butar shayi, ranar aka fara sa masa shi. A unguwa irin Shara Mansur ko Misfala, inda Garba zai kai goma a layi ɗaya, ba yadda za a yi sai da irin wannan: Garba Mai Shayi, Garba Tela, Garba Dogo, Garba Zindar. Na san wasu 'ya'ya suna jin nauyin irin wannan laƙabin, musamman waɗanda suka yi karatu, suna ganin kamar ya rage wa uba daraja. Ni ban gan shi haka ba, kuma ina roƙonki kada ki gan shi haka. Da wannan shayin aka ciyar da ku, da shi aka sayi gidan da ake magana a kai.

Laƙabi irin wannan yakan yi nauyi har ya wuce mai shi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya samo Ɗantata ne daga Tata, matar da ta raine shi, ga shi yau ya zama sunan zuriya guda. Na kusa da mu kuma, a kan tsohuwar hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa zuwa nan, akwai garin Mai Wurno a Sudan, a bakin reshen kogin Nilu da ya gangaro daga Habasha, kusa da Sinnar. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da hijira gabas da jama'ar da ta rage. Laƙabinsa Mai Wurno, daga Wurno ta ƙasar Sakkwato. Inda ya sauka ya zauna, wurin bai ɗauki Muhammadu ba, bai ɗauki Bello ba, laƙabin ya ɗauka, har yau da shi ake kiran garin.

Yanzu bari mu zo kan takarda, domin nan ne ciwon yake. Takarda ba ta san kunya ba, ba ta san Garba Abubakar ne ba. A ƙasar nan, haka ma a Sudan, suna jere ne na nasaba: naka, na ubanka, na kakanka, sannan na huɗu. Kowane gurbi yana da aikinsa. Idan laƙabi ya faɗa gurbin da ba nasa ba, sai sarƙar ta tsinke. Hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne, na gan su sau ba adadi a shekarun da na yi ina taya mutanenmu cike takardu.

Akwai kalmar laƙabi ita kanta. Idan ma'aikaci Balarabe ya ce "laƙab," galibi sunan dangi yake nufi, irin Hausawi ko Barnawi ko Fallata da kike gani a ƙarshen sunayen 'yan ƙasa masu asali da mu. Bahaushe kuwa da ya ji laƙabi sai ya ce Mai Shayi, ko Dogo, a rubuta. Akwai kuma matsalar haruffa. Larabci ba shi da harafin g. Mutumin nan zai rubuta Garba da ƙaf domin haka yake furta ƙaf ɗinsa, Bamisire zai rubuta da jim, wani ya rubuta da gain, sai mutum ɗaya ya zama uku. Mafi muni shi ne sunayen da suka fara da Ɗan ko Mai. Na taɓa riƙe takardar wani bawan Allah a hannuna, sunansa irin na mahaifinki, an raba shi biyu: Dan a gurbin sunansa, Lami a gurbin sunan ubansa. Wato a takarda ubansa ya koma Lami, sunan mace, ainihin uban kuma an tura shi gurbin kaka. Ya yi shekaru da ita a aljihu bai sani ba, sai da ya zo yi wa ɗansa takarda aka ce sunayen ba su haɗu ba. Ya zauna a bakin dakalin ƙofar gidana yana juya katin, yana cewa, "Malam, ni fa Ɗanlami kawai na ce masa."

Naku bai kai haka ba, alhamdu lillahi, domin ikamar mahaifinki tana ɗauke da sunan yanka. Abin da ya faru shi ne, mai yiwuwa ba shi ya je Kano ya sayi gidan da kansa ba, aike ya yi, wanda aka aika kuma ya faɗa wa marubuci sunan da ya saba kira. Ga yadda nake ba da shawara ku bi. Ki samu takarda ɗaya, ki jera duk wata shaida da ya bari, fasfo tsoho da sabo, ikama, takardar aure, takardar rasuwa, takardar gidan, ki kwafi sunan da ke kan kowacce harafi da harafi kamar yadda yake, ba kamar yadda ya kamata ya kasance ba. Ki duba sunan uba a kowacce, domin sau da yawa shi ne igiyar da ke ɗaure su: idan takardar gidan ta ambaci sunan kakanki kuma ya dace da na fasfo, rabin aiki ya ƙare. Sannan ku nemi takardar ƙididdige magada daga kotu a nan, wadda ake yi da shaidu, kuma za ta fito da sunan da ke kan ikama, wato Abubakar.

A Kano kuma abin da ake buƙata shi ne a tabbatar cewa Abubakar na wannan takarda da Garba Mai Shayi na waccan mutum ɗaya ne. Ana yin haka da takardar rantsuwa a kotu da kuma shaidu. A nan ki kula da zaɓen shaidun. Abokinsa na shayi bai isa shi kaɗai ba, domin Garba kawai ya sani. Wanda ya dace shi ne mai riƙe da bakin zaren biyu: ɗan'uwansa ko 'yar'uwarsa da suka tashi gida ɗaya, wanda aka aika ya yi cinikin, mai unguwar da aka yi cinikin a gabansa, da wanda ya sayar in yana raye. Alƙalin kotun shari'a a Kano Bahaushe ne, ba sai an yi masa bayanin cewa Garba Abubakar ne ba. Da takardar gidan Ɗanlami ta ce, da aikin ya fi wuya, domin Ɗanlami na iya zama Musa ko Isa ko Haruna, duk wanda aka haifa Alhamis. Kuma kada kowa ya ɗauki biro ya gyara tsohuwar takardar ko ya goge wani abu a jikinta. Takardar da aka taɓa ta fi wadda ke da laƙabi jawo zargi. Ku yi sauri kuma, domin shaidun irin wannan tsofaffi ne.

Wannan maganar tsofaffin ba da wasa nake yinta ba. Akwai wata tsohuwa a layinmu da muke kira Kande, wato macen da aka haifa bayan maza, kamar yadda Tanko yake namijin da ya zo bayan mata, Gambo kuma mai bin tagwaye. Shekara da shekaru tana sayar da ƙosai, ba wanda bai san ta ba. Ranar da ta faɗi a hanya aka ɗauke ta zuwa asibiti, mu huɗu muka bi sahu, muka tsaya gaban mai duba sunaye muna cewa Kande. Ya duba ya ce babu. Muka kalli juna, sai a lokacin muka gane ba ɗayanmu da ya san sunanta na yanka. Sai da aka koma unguwa aka taso wata ƙawarta da suka zo ƙasar nan tare, ta ce Hauwa'u ce. Tun daga ranar, duk tsohon da nake hulɗa da shi sai na tambaye shi sunan da aka yanka masa rago da shi da sunan mahaifinsa, na rubuta a bayan littafina.

Game da jaririnki, ki gaya wa maigidanki cikin ladabi cewa shawarata a rubuta Abubakar. Ba don Abba haramun ne ba, akwai masu ɗauke da shi a fasfo da yawa, kuma da ranar suna Abba aka faɗa, da shi ne sunansa. Amma Abubakar aka faɗa. A nan takardu suna bin juna ne: shaidar asibiti ta haifi takardar haihuwa, ita ta haifi fasfo, fasfo ya haifi ikama, makaranta kuma ta kwafa daga nan. Abin da ya shiga ta farko shi zai bi yaron har tsufansa, gyara shi daga baya kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana sintiri tsakanin ofisoshi. Sannan ki duba gaba kaɗan. Idan aka rubuta Abba, 'ya'yansa za su zama wane Abba, sunan mahaifinki da aka yi takwarar domin a raya shi ya ɓace daga nasabar tun a hawa na farko. Mayafin ya zauna, abin da aka lulluɓe ya tafi. Alƙur'ani a Suratul Ahzab, aya ta 5, ya ce a kira mutane da sunan ubanninsu, takarda kuma ita ce inda za a nemi sunan uban nan gaba. Abba na gida ne, ku kira shi da shi har ya yi furfura.

Ba ki tambayi kirari ba, amma na tabbata kin ji ana yi wa mahaifinki, kuma mutane suna haɗa shi da laƙabi alhali ba ɗaya suke ba. Suna da laƙabi ana kiran mutum da su ne ya ce na'am. Kirari ba a amsa shi da na'am. Ana yin sa ne mutum yana tsaye a gabanka, don a ɗaga shi, a tuna masa ko shi wane ne, amsarsa kuma murmushi ce ko kyauta ko jinjina. Wani kirarin gadon suna ne: duk Ali ana iya ce masa gadanga ƙusar yaƙi ko da bai taɓa riƙe sanda ba, domin na Sayyidina Ali ne yake ara. Wani na sarauta ne, yana bin rawani, in rawanin ya koma kan wani ya bi shi. Wani kuma mutum ne ke yi wa kansa, kamar maharba da 'yan dambe da 'yan tauri in sun shiga fili. Jefi-jefi kalma ɗaya takan ɓalle daga cikin kirari ta daskare ta zama laƙabi. Gamji itace ne babba mai faɗin inuwa, da shi aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari, har ya kai in an ce Gamji ba a tambayar wa ake nufi. Kirari ba ya shiga takarda ko kaɗan, kuma ba ya buƙatar shiga.

Saura laƙabin da ke ciwo. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana jifan juna da miyagun laƙabai, kuma ma'aunin da malamai suka bayar shi ne ko mai shi yana ƙin sa. Sun yi rangwame idan ba a gane mutum sai da shi kuma ba da nufin wulaƙanci ba, shi ya sa a littattafan hadisi ake cewa Al-A'amash, mai raunin gani, alhali sunansa Sulaimanu ɗan Mihran. Amma rangwamen na buƙata ne. Mu da ke zaune a nan mun san zafin abin, mun san yadda kalmar Takari take sauka a kunne idan an jefo ta da raini, ko daga bakin Balarabe ko daga bakin ɗan'uwanmu da ya zo Umara ya koma. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya laƙaba wa yaron maƙwabci Gurgu ko Bebe ba. Sai dai kada ki yi saurin hukunta tsofaffin laƙabai da jin sautinsu. Idan kika ji ana ce wa dattijo Ajuji ko Bawa, ko tsohuwa Ayashe, sau da yawa uwar mai wabi ce, ta binne 'ya'ya a jere, sai ta kira wannan da sunan abin da ba a damu da shi ba, wai ko mutuwa za ta kau da kai. Malamai sun yi gaskiya da suka ce suna ba ya kare ajali. Amma matar da ta sa shi ba ƙin ɗanta take yi ba, tsoron rasa shi ne ya cika mata ciki.

Idan akwai goggonki ko wata tsohuwa da ta rage a dangin mahaifinki a gida, ki kira ta a makon nan, kada ki jira sai an tashi zuwa kotu. Ki tambaye ta wa aka yi wa takwara da Abubakar, wa ya fara cewa Ɗanlami, da sunan yankan kakanki da na mahaifinsa, ba laƙabansu ba. Mai yiwuwa ta yi nauyin baki wurin faɗin wasu, musamman in sunan mahaifinta ne, to sai ki faɗa ke, ita ta ce e ko a'a. Ki rubuta da boko da kuma Larabci, ki ajiye kwafi ɗaya tare da takardar haihuwar Abba.